Idan Wasa Ya Zama Ciwo: Yadda Ake Rubuta Saƙon Ban Haƙuri

A ranar 24 ga Satumba, 2023, Victor Osimhen ya ɓarar da fanareti a wasan da Napoli ta yi canjaras babu ci da Bologna. Ɓarar da fanareti ba baƙon abu ba ne a ƙwallo. Abin da ya biyo baya ne ya zama labari, domin shafin ƙungiyar na TikTok ya saki wani ɗan gajeren bidiyo yana yi wa ɗan wasan ba'a a kan bugun. Osimhen kuwa shi ne wanda 'yan watanni kafin nan ya ci ƙwallo 26 a gasar Serie A, ya taimaka wa Napoli ta ɗaga kofin da ta shekara 33 rabonta da shi. An goge bidiyon, amma ya riga ya zaga duniya. Wakilinsa, Roberto Calenda, ya fito ya ce suna iya garzayawa kotu, shi kuma ɗan wasan ya cire kusan duk hotunansa na Napoli daga shafinsa na Instagram.

Bayan 'yan kwanaki ƙungiyar ta fitar da sanarwa. A cikinta ta ce ba ta taɓa nufin ɓata wa Osimhen rai ko yi masa izgili ba. Ta tunatar da jama'a cewa ta ƙi sayar da shi duk da tayin da aka yi mata. Ta yi bayanin cewa salon TikTok dama na raha ne. Sannan ta rufe da cewa idan har Victor ya ji kamar an ci masa fuska, to ba manufarta ba ke nan. 'Yan Najeriya da dama da suka karanta sanarwar sun lura da abin da babu a cikinta: ba inda ƙungiyar ta ce ta yi kuskure, ba kuma inda ta ba shi haƙuri kai tsaye. Duk jimlolin a kan Napoli suke, niyyarta da halinta da yadda take ƙaunar ɗan wasanta. Shi wanda aka yi wa ba'ar an bar shi da nauyin cewa shi ne ya fahimci abin a karkace.

Wannan kuskure ba na manyan ƙungiyoyi kaɗai ba ne. Kullum ana yin irinsa a wayoyin mutane, tsakanin abokan majalisa, tsakanin 'yan uwa a guruf ɗin iyali, tsakanin abokan aiki. Mutum ya yi wasa ya taɓa wani inda ke masa ciwo, ya gane ya yi ɓarna, ya ɗauki waya da niyyar gyara, sai saƙon da ya tura ya fi wasan zafi.

Inda lasisin wasa yake ƙarewa

Bahaushe ya taso ne cikin al'adar da ta ba wasa gurbi mai faɗi. Akwai wasan taubasai, akwai na kaka da jika, akwai na ƙanin miji da matar wa. Akwai na Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nupawa. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta saka wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya, saboda yadda yake kashe wutar rigima tsakanin al'ummomi. A irin wannan wasa, wanda ya yi fushi shi ake ganin ya faɗi.

Shi ya sa idan wasa ya ɓata wa wani rai, abin da ke fara zuwa bakin mai wasan shi ne, “Haba, ai wasa ne.” Yana jin al'ada na bayansa. Amma duk wanda ya zauna da tsofaffin da suka iya wannan wasa ya san yana da iyaka. Bafulatani da Babarbare za su yi ta musun wane ne ubangidan wani har rana ta faɗi, babu mai riƙe kowa a zuciya, domin abin da ake tsokana a kai na gama-gari ne, kuma kowa yana da abin ramawa. Da zarar an sauka daga nan an taɓa abin da ke damun mutum shi kaɗai, kamar rashin haihuwa, ko mutuwar aure, ko lalurar jiki, ko karayar arziki, ko asalin iyayensa, to an fita daga wasa, domin ba shi da abin da zai rama da shi, kuma a gaban mutane aka yi. Alƙur'ani ma, a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, ya hana izgili da aibanta juna da jifa da munanan laƙubba, bai kuma ware wanda aka yi cikin raha ba.

Gane cewa an ji ciwo ba ya wuya ga mai lura. Wanda aka taɓa yakan yi dariyar yaƙe, ya yi shiru, can ya kawo uzuri ya tashi. A waya kuwa sai a ga mai yawan magana ya ɗauke ƙafa, ko ya fice daga guruf, ko ya amsa da “ba komai” a bushe. A bakin Bahaushe mai kunya da kara, wannan “ba komai” sau da yawa rufin asiri ne kawai, kuma wanda ya dogara da ita ya ce magana ta wuce zai iya wayar gari ya ga zumunci ya yi sanyi bai san dalili ba.

Abin da ya kamata saƙon ya ɗauka

A shekarar 2016, Farfesa Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, tare da abokan aikinsa Beth Polin da Robert Lount, sun wallafa wani bincike da suka yi da mutum 755. Sun rarraba ban haƙuri kashi shida: nuna nadama, bayanin abin da ya faru, amsa laifi, alƙawarin ba za a sake ba, tayin gyara ɓarna, da roƙon yafiya. Suka riƙa ba mutane saƙonni masu ɗauke da wasu daga cikin waɗannan, suna tambayarsu wanne ya fi gamsar da su. Wanda ya fi nauyi a duka shi ne amsa laifi, wato mutum ya ce shi ne ya yi kuskuren. Tayin gyara ya zo na biyu. Roƙon yafiya ya zo na ƙarshe.

A ƙasar Hausa ba za a jefar da roƙon yafiya ba, domin ban haƙurin da ba a ce “ka yafe mini” ba sai a ji kamar bai cika ba, kuma yana da tushe a addini. Imam Nawawi ya bayyana a Riyadus Salihin cewa sharuɗɗan tuba uku ne, wato daina laifin da nadama da ƙudurin rashin komawa, amma idan laifin ya shafi haƙƙin ɗan Adam akwai na huɗu, shi ne warware haƙƙin da mai shi. Darasin da ke cikin binciken Lewicki shi ne tsari. Roƙon yafiya buƙata ce da mai laifi yake ɗora wa wanda ya ɓata wa, saboda haka bai dace ya zo shi kaɗai ba, bai kuma dace ya zo farko ba. Sai an ba da kafin a roƙa.

A nan ne “yi haƙuri” kaɗai take gazawa. Ita ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ɓarawo ya shiga wa gida, da wanda mota ta watsa wa ruwa. Ba ta nuna wanda ya yi laifi. Saƙon da ya tsaya a “ka yi haƙuri” yana iya zama jaje kawai. Sai an haɗa ta da “na yi kuskure” ko “laifina ne” sannan mai karantawa zai san an ɗauki nauyin abin.

Yadda bayani ke cinye ban haƙuri

Labarin Rodrigo Bentancur, ɗan wasan Tottenham ɗan ƙasar Uruguay, ya nuna yadda ƙarin bayani yake rage darajar abin da aka riga aka faɗa. A watan Yuni na 2024, cikin wata hira a talabijin ɗin ƙasarsu, ya yi wata raha a kan kamannin mutanen Koriya ta Kudu yayin da ake maganar kyaftin ɗinsa, Son Heung-min. Da surutu ya tashi sai ya rubuta wa Son gajeren saƙo a Instagram, ya ba shi haƙuri, ya amsa cewa mummunan wasa ne. Son ya fito ya ce sun yi magana, abokinsa ya gane kuskurensa, kuma sun wuce wurin.

Da an tsaya nan da sauƙi. Amma Bentancur ya sake fitar da wani saƙon, wanda a ciki ya ba da haƙuri ga duk wanda ransa ya ɓaci, idan akwai, ya kuma nanata cewa shi da Son kaɗai yake. Da magana ta kai gaban kwamitin ladabtarwa na hukumar ƙwallon Ingila, sai aka kawo wani sabon bayanin, cewa gatse ne ya yi wa ɗan jaridar da ke masa tambaya. Kwamitin bai gamsu ba. A watan Nuwamba aka dakatar da shi wasa bakwai, aka kuma ci shi tarar fam 100,000. Kowane sabon bayani ya riƙa janye wani abu daga amsa laifin farko, har mai sauraro ya rasa wanne zai kama.

Dalilin da ya sa mutane ke faɗa wa wannan tarko a bayyane yake. Wanda ya yi wasan ya san zuciyarsa, ya san bai yi da mugunta ba, kuma yana jin zafin a ɗauke shi mugu. Sai ya zauna yana rubuta tarihin yadda maganar ta faro, wanda ya fara tsokana, yadda kowa ya yi dariya, yadda shi ma aka sha yi masa irin haka bai yi fushi ba. Duk wannan gaskiya ce a wurinsa. A wurin mai karɓar saƙon kuwa, kowace jimla tana cewa ne bai kamata ya ji zafi ba. Ya buɗe waya yana tsammanin a rarrashe shi, sai ya tarar an kafa masa kotu, shi ne kuma ake so ya wanke wanda ya ɓata masa.

Akwai kalmomin da ke tona asirin irin wannan saƙo. “Idan” ita ce ta farko: “idan ranka ya ɓaci” tana sa shakka a kan abin da kowa ya gani. “Amma” ita ce ta biyu, domin duk abin da ya gabace ta rushewa yake yi. Sai kuma “ka san halina” da “ban san ba ka son wasa ba”, waɗanda ke mayar da matsalar kan wanda aka cuta. Hanya mai sauƙi ta gwada saƙo kafin a tura shi ita ce a duba jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya, a ga nawa ne ke magana a kan abin da aka yi wa mutumin, nawa ne kuma ke kare mai rubutun. Idan na biyun sun fi yawa, takardar kare kai aka rubuta.

Wannan ba yana nufin an haramta bayani gaba ɗaya ba. Jimla guda ta isa, kuma ta zama mai ƙara wa mai laifi nauyi, kamar “na yi magana ban yi tunani ba.” Idan wanda aka ɓata wa yana son sanin abin da ya sa, zai tambaya da bakinsa, a lokacin ne dogon bayani yake da wurin zama.

Dalilin da ba a maimaita maganar

Wasu suna ganin cikar gaskiya ita ce su kawo maganar yadda suka faɗe ta, su ce “da na ce miki kaza da kaza.” Niyyar mai kyau ce, amma sakamakonta fami ne. A 2008 Zhansheng Chen da Kipling Williams da abokan aikinsu sun wallafa binciken da ya nuna cewa idan mutum ya tuna ciwon da aka ji masa ta hanyar mu'amala, kamar cin amana ko wulaƙanci, zafin yakan dawo masa sabo fiye da yadda tuna ciwon jiki yake dawowa. Wanda ya taɓa karya ƙafa zai ba da labarin ba tare da ƙafar ta sake yi masa zogi ba. Wanda aka yi wa gori a bainar jama'a kuwa, jin kalmomin kawai ya isa ya mayar da shi cikin taron.

Malaman Musulunci sun daɗe da hango wannan a babin giba. Sun yi saɓani a kan ko wajibi ne wanda ya ci naman wani ya je ya faɗa masa abin da ya ce. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suna cikin waɗanda suka ga ba sai an sanar da shi ba, domin jin maganar zai ƙara masa baƙin ciki ne ya hura ƙiyayya, sai dai a nema masa gafara, a kuma ambaci alherinsa a wuraren da aka ɓata shi. Wasan da aka yi a gaban mutum ya bambanta da giba, tunda ya riga ya ji, kuma dole a tunkare shi. Sai dai hikimar ɗaya ce: neman yafiya bai zama dalilin sake cutarwa ba.

Rubutu kuma yana da nasa haɗarin. Maganar baki iska ke ɗauke ta, amma abin da aka rubuta a waya yana nan zaune. Mai shi zai buɗe ya sake karantawa da dare. Mijinta ko ƙanwarsa za su iya gani. Ana iya ɗaukar hotonsa a tura wa wasu, sai waɗanda ba su halarci wurin ba su ma su samu abin dariya. Mai ban haƙuri da ya rubuta baƙar maganar ya ba ta rai na biyu da hannunsa.

To yaya za a yi kada saƙon ya zama dunƙule, wanda ba a san a kan me ake ba da haƙuri ba? Mafita ita ce a ambaci lokaci da wuri da irin ɓarnar, a bar kalmomin. “Maganar da na yi jiya a wurin suna” ta isa ta nuna abin da ake nufi. “Na kunyata ki a gaban mutane” ta isa ta nuna an fahimci ciwon.

Saƙo guda, daga farko zuwa gyara

A ɗauka wata mata ce ta je sunan 'yar uwa. Ana cikin hira ɗaki cike da mata, sai ta tsokani taubashiyarta wadda ta girme ta, wadda ta shekara da shekaru da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tsokanar ta taɓo wannan batu. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Taubashiyar ta yi murmushi, ba a jima ba ta yafa mayafinta ta ce za ta leƙa gida. Ko tuwon suna ba ta tsaya ci ba.

Da dare mai tsokanar ta rubuta wannan:

“Yaya, an ce wai kin ji haushin wasan da na yi miki. Wallahi ni ban ɗauke shi komai ba, kin san tsakaninmu dama akwai wasa, kuma ke ma kina tsokanata ban taɓa fushi ba. Su Anti ne ma suka fara maganar. Idan ranki ya ɓaci ki yi haƙuri, amma ban zaci za ki ɗauka da zafi haka ba. Duk yau ban iya cin abinci ba saboda damuwa.”

Da zuciya ɗaya ta rubuta, amma kowace jimla tana da illa. “An ce wai” ta nuna ana ta zancen a bayan idon taubashiyar, kuma ita mai laifin ba da kanta ta gane ba. Tuna mata cewa ita ma tana tsokana ramuwa ce. Ambaton su Anti rabon laifi ne. “Idan” da “amma” sun kewaye haƙurin sun shaƙe shi. Jimlar ƙarshe kuwa ta juya lamarin, yanzu wadda aka ɓata wa ce za ta rarrashi wadda ta kasa cin abinci.

Ga yadda saƙon zai kasance idan an gyara:

“Assalamu alaikum Yaya. Maganar da na yi ɗazu a wurin suna ba ta dace ba ko kaɗan. Na taɓa abin da ba a wasa da shi, kuma na yi a gaban mutane. Laifina ne, na yi nadama ƙwarai. Ba zan sake ba, kuma ba zan bari a sake tayar da zancen a gabana ba. Don Allah ki yafe mini. Ba sai kin amsa yanzu ba. In kin ba ni izini zan zo gida in gaishe ki.”

Gajere ne, kuma babu kalma ɗaya ta wasan a ciki, ko sunan lalurar ba a kama ba. Duk da haka ba wanda zai karanta ya ce an yi kwana-kwana. An amsa laifi, an nuna an san inda ya yi zafi, an yi alƙawarin da za a iya gani ko an cika, an roƙi yafiya a ƙarshe, sannan an sakar mata mara ta amsa lokacin da ta ga dama. Ba a saka 'yan hotunan dariya ko na kuka ba, ba a kuma jefa wata sabuwar raha don a sassauta yanayi ba, domin raha ce ta jawo matsalar tun farko.

Tsakanin abokai maza sa'annin juna harshen zai fi haka sauƙi, amma ƙashin bayan ɗaya ne: “Abokina, abin da na faɗa jiya a majalisa na wuce gona da iri. Na ci maka fuska a gaban jama'a, ban kyauta ba. Ka yafe mini, ba za ta sake faruwa ba.”

Wa za a fara tura wa, kuma yaushe

Saƙon farko na wanda aka ɓata wa ne shi kaɗai. Wanda ya fara da rubuta doguwar neman afuwa a guruf ya tilasta wa mutumin ya ce ya yafe a gaban kowa ko zuciyarsa ba ta huce ba, in ya yi shiru kuma a ce shi ne mai riƙo. Amma tunda a gaban jama'a aka zubar masa da mutunci, akwai gyaran da sai a gabansu. Bayan an yi magana ta sirri, sai a tambaye shi ko yana so a faɗi wani abu a inda abin ya faru. Idan ya amince, layi biyu sun wadatar: “Maganar da na yi wa Yaya jiya kuskure ce, na ba ta haƙuri, ina roƙon a bar zancen.” Idan wasan rubutacce ne a goge shi. Idan kuma ya ce a bar shi haka, a bi ra'ayinsa, domin wani ya fi son a manta da a sake juyo da idon mutane kansa.

Haka ɗan wasan barkwancin Amurka Pete Davidson ya yi a watan Nuwamba na 2018, bayan ya yi ba'a a shirin Saturday Night Live ga Dan Crenshaw, tsohon sojan da ya rasa ido ɗaya a Afghanistan. Mako guda bayan haka, a cikin shirin dai, Davidson ya ba shi haƙuri a taƙaice, Crenshaw na zaune kusa da shi ya karɓa. An yaba da abin sosai a lokacin. Sai dai a 2020 Davidson ya fito a wani wasansa yana nuna cewa matsa masa aka yi, wanda hakan ya zubar da ƙimar abin da ya faɗa a baya. Haka yake ga wanda zai tura saƙo mai kyau da safe, da yamma kuma ya zauna a majalisa yana cewa shi dai ya ba da haƙuri ne don a zauna lafiya. Irin wannan magana ba ta rasa mai kai ta.

Game da lokaci, gajeren saƙon amsa laifi ya fi kyau ya tafi a ranar ko washegari, kafin shiru ya zama kamar ko-in-kula. Doguwar magana ce take son jira. Wani bincike da Cynthia Frantz da Courtney Bennigson suka wallafa a 2005 ya gano cewa ban haƙuri ya fi gamsarwa idan ya zo bayan wanda aka ɓata wa ya samu damar faɗin abin da ke ransa, ya kuma ji an fahimce shi. Saboda haka saƙon waya buɗe ƙofa ne kawai. Idan aka haɗu, aikin mai laifi shi ne ya saurara har a gama, ko da an faɗi abin da yake ganin an yi masa ƙari.

Akwai kuma inda waya ba ta isa ba sam. Idan wanda wasan ya taɓa uba ne, ko suruki, ko malami, ko wani dattijo, tura masa rubutu kaɗai ƙarin raini ne. A nan tashi ake yi a je, a durƙusa a gaishe shi, a ce, “Baba, na yi kuskure, a gafarce ni.” In abin ya yi tsanani a nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya yi rakiya. Idan nisa ya hana zuwa, a kira a yi magana baki da baki, saƙon kuma ya tsaya a neman izinin kiran. Ga wanda karatu ke ba wuya, saƙon murya ya fi, amma a tsara abin da za a faɗa tukuna, domin da an danna maɓallin ɗauka baki yakan zarce, bayanin da aka gudu a rubuce sai ya dawo ta murya.

Bayan an tura, sai haƙurin jira. Alamar cewa an karanta saƙo ba a amsa ba tana tayar da hankali, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata abin da suka gyara: su bi da “kin gani kuwa?”, su yi ta kira, ko su kai ƙara wurin dangi cewa sun ba da haƙuri an ƙi kula su. Wanda aka ji wa ciwo yana da damar ya ɗauki kwanaki. Idan mako ya wuce shiru, gaisuwa ɗaya ta mutunci ba tare da tayar da zancen ba ta wadatar, ko a nemi wanda zai shiga tsakani.

Sauran aikin yana wurin taro na gaba. A biki ko suna ko majalisa, ba a rasa wanda zai tuno wasan don a sake dariya, ko ya mayar da shi laƙabi. Matar da ta rubuta cewa ba za ta bari a tayar da zancen a gabanta ba, a ranar ce za ta katse mai maganar tun kafin ta kai ƙarshe, ta ce kuskure ne ta yi kuma ta nemi yafiya a kansa, sannan ta kawo wata hirar daban, ko taubashiyar tana ɗakin ko ba ta nan.